Takardar da zan rubuta wa Gwaggo don ta shiga zauren iyali na WhatsApp: me za a sa, me za a bari?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa koya wa dattijo amfani da waya. Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta haura shekara 70, tana zaune a Funtuwa, mu kuma 'ya'ya da jikoki mun warwatsu tsakanin Kaduna, Kano da Abuja. Muna da zauren iyali a WhatsApp inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da ranar biki, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshe da labari ke isa gare ta, alhali ita ce babba a gidan. An saya mata wayar Android, kuma ta iya amsa kira da ita, amma ba ta wuce nan ba. Tana karanta Hausar boko a hankali idan rubutun manya ne kuma ta sa tabarau. Zan je wurinta ƙarshen wata, kuma ina so in bar mata takarda da za ta riƙa dubawa bayan na tafi. Abin da na tsara ya fara daga sauke manhajar, sa lambar waya, shigar da lambobin tabbatarwa, danna linkin zaure, sannan rubuta saƙo da tura hoto. Da na karanta sai na ga ya cika shafi biyu, kuma jikina bai ba ni za ta bi shi ba. Yaya ya kamata a tsara irin wannan takarda?

Ɗan Autan Hajiya:
Wa alaikumus salam. Anti, a ganina ba sai an kai ga takarda ba. Ki sa shugaban zaurenku ya turo mata linkin gayyata, wanda ke farawa da chat.whatsapp.com, ta danna shi, ta danna Join group, shi ke nan ta shiga. Sauran kuwa da kanta za ta gane, domin haka mahaifiyata ta koya, ba wanda ya rubuta mata komai.

Mai Gyaran Waya:
Ɗan Auta ya faɗi gaskiya a kan yadda linki ke aiki, amma ya tsallake abin da ke gabansa. Kafin linki ya yi amfani sai manhajar tana kan wayar, an yi mata rajista da layin Gwaggo, an shigar da lambobi 6 da ake turowa ta saƙon tes ko ta kira, kuma akwai data. Bayan haka, idan shugaban zauren ya kunna Approve new members, danna linkin ba zai shigar da ita nan take ba, sai dai ya aika roƙo ta jira a amince. Mai koyo da ya danna abu bai ga komai ya canza ba yakan ɗauka shi ne ya ɓata wayar.

Shawarata, Maman Sadiya, ki raba aikin gida biyu. Akwai abin da ake yi sau ɗaya tak, akwai abin da za a riƙa yi kullum. Sauke manhaja, rajista da shiga zaure duk na sau ɗaya ne, saboda haka ba su da gurbi a takardar Gwaggo. Ke za ki yi su da hannunki tana zaune kusa da ke, kina gaya mata abin da kike yi don kada ta ji an karɓe mata waya. Ba ma sai an bi ta linki ba: shugaban zaure ya adana lambarta ya saka ta kai tsaye. Idan ya gwada aka ce sai dai ya aika gayyata, to saitin sirrinta ne ya hana, wato a WhatsApp ɗinta Settings, Privacy, Groups yana kan My contacts kuma lambarsa ba ta cikin wayarta. Maganin shi ne ki adana lambarsa a wayarta, kada ki mayar da saitin kan Everyone, domin hakan ne ke ba kowane baƙo damar jefa ta cikin zaurukan talla da na damfara. Gayyatar da aka aika ta wannan hanya kwana 3 take yi ta mutu, don haka gara a yi komai ranar da kike can.

Da kin cire waɗannan, rabin shafukanki biyu ya tafi. Abin da ya rage shi ne ki gyara wayar yadda takardar za ta ƙara gajarta. Ki buɗe zauren, ki danna ɗigo uku na sama, ki zaɓi More, sannan Add shortcut, sai hoton zauren ya fito a fuskar wayar kamar wata manhaja mai zaman kanta. Ki kwashe sauran alamomin da ke shafin farko ki bar shi da alamar kira kawai. Da wannan, matakai uku na neman WhatsApp, buɗe shi da laluben zaure cikin jerin hirarraki sun koma taɓawa ɗaya. Ki kuma roƙi shugaban zaure ya sa hoton da Gwaggo za ta gane daga nesa, kamar ƙofar gidan gado, kuma a daina sauya shi duk ranar da wani ya yi bikin suna, domin takardar za ta dogara da wannan hoton.

Malamar Ajin Manya:
Na ji daɗin rabon da Mai Gyaran Waya ya yi. Ni zan yi magana a kan rubutun kansa, domin na daɗe ina koyar da manyan mata karatu, kuma na san inda takarda ke kayar da su.

Matsala ta farko ita ce mu masu rubutawa muna rubuta sunan abu, su kuma masu karantawa suna neman kamanninsa. Idan kika rubuta “a danna makirfo”, Gwaggo za ta duba fuskar wayar ba ta ga inda aka rubuta makirfo ba. Idan kuwa kika rubuta “a dubi ƙasa ta hannun dama, akwai koren da'ira”, kuma kika zana da'irar a gefen layin da koren biro, idonta zai tafi wurin kai tsaye. Ta biyu, kowane layi ya ɗauki aiki ɗaya, kuma ya faɗi abin da za ta gani ko ta ji idan aikin ya yi daidai. Dattijo ba ya tsayawa don bai fahimci umarni ba, yakan tsaya ne don bai tabbata abin da ya yi ya karɓu ba, sai ya sake dannawa, dannawa ta biyun kuma ta kai shi wani wuri dabam.

Ta uku, ki cire rubuta saƙo gaba ɗaya. Mai karanta boko a hankali ba zai yi ta farautar haruffa a ƙaramin allon waya ba, kuma babu buƙata, tunda saƙon murya ya wadatar. Ayyuka biyu kawai take buƙata a watan farko, sauraro da amsawa. Ga yadda zan rubuta su, kowanne a fuska ɗaya ta kwali, da baƙin maka, da harufan da ba su gaza faɗin ɗan yatsa ba.

Fuskar farko, a sama a rubuta SAURARO:

1. A taɓa hoton ƙofar gida sau ɗaya. Maganganun iyali za su fito.
2. Sabon saƙo yana can ƙasa. A nemi alama mai kusurwa uku ▶ a taɓa ta sau ɗaya. Za a ji murya.
3. Idan muryar ta yi ƙasa, a danna maɓallin gefen waya na sama.
4. Idan an gama, a danna maɓallin kashe haske, a ajiye waya.

Fuska ta biyu, AMSAWA:

1. A dubi ƙasa ta hannun dama, akwai koren da'ira.
2. A ɗora yatsa a kai, kada a ɗaga. Lambobi za su fara ƙirga.
3. A yi magana, yatsa na nan a kai.
4. Idan an gama magana, a ɗaga yatsa. Saƙo ya tafi.

A ƙasan kowace fuska kuma a sa layi ɗaya cikin akwati: “Idan an ga abin da ba a gane ba, ba a ɓata komai ba. A danna alamar komawa gida, a fara daga lamba 1 ta SAURARO.” A zana alamar yadda take a wayarta. A ganina wannan layin ya fi sauran duka muhimmanci, domin babu takardar da za ta iya lissafa duk inda yatsa zai iya kai mutum, amma hanyar dawowa guda ɗaya ce daga ko'ina.

Za ku lura na rubuta “a taɓa”, “a ɗora”, ban rubuta “ki taɓa” ba. Takardar za ta zauna a ɗakinta, baƙi da jikoki za su gani, kuma bai yi kyau a ga 'yar ƙaninta tana ba ta umarni kamar ɗalibar aji ɗaya ba.

Mai Gyaran Waya:
Malama, ƙari ɗaya a kan alamar komawa gida. Sababbin wayoyi da yawa suna zuwa ne da tsarin shafa fuska, babu maɓallai uku a ƙasa. Ga dattijo wannan wahala ce, domin shafawa daga ƙasa zuwa sama ba abu ne da ake iya zanawa a takarda ba. A shiga saitin wayar a nemi System navigation a mayar da shi kan maɓallai uku, sai layinki na cikin akwati ya samu abin da zai nuna. Inda wannan saitin yake ya bambanta daga waya zuwa waya, don haka a rubuta sunansa a wurin bincike na Settings.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da nake yi wa duk wanda ya zo shagona da irin wannan buƙata: kada ki rubuta takardar a Kaduna kina kallon wayarki. Ki rubuta ta a Funtuwa kina kallon wayar Gwaggo. Launin alama, wurin da take, har da abin da ke faruwa idan an taɓa koren da'irar sau ɗaya maimakon a riƙe, duk suna iya bambanta gwargwadon wayar da kuma fitowar manhajar da ke kanta. Tsarin Malama ki tafi da shi a matsayin zubi, amma kowane layi sai kin gwada shi a can kafin ki sa maka.

Kawu Na Maraɗi:
Ni dai ban ga dalilin da zai sa a jefa tsohuwa cikin hayaniyar waya ba. Zaurukan nan cike suke da jita-jita da hotunan haɗari da faɗan siyasa. Idan ana son ta ji labari, a kira ta a gaishe ta kamar yadda aka saba, shi ne zumunci. Yaran yanzu suna so su sauke nauyin gaisuwa ne su ɗora wa zaure.

Maman Sadiya:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ba mu da niyyar daina kiranta, kuma ba mu muka ɗora mata ba. Ita ce ta nema, bayan ta ga maƙwabciyarta tana sauraron muryar jikokinta da ke Saudiyya. Amma maganarku a kan hayaniya tana da ƙarfi, domin zaurenmu yana da mutum fiye da 60, kuma akwai ranar da saƙonni ke yin yawa ƙwarai. Ban san yadda za ta gane wanda ya shafe ta a cikinsu ba.

Malamar Ajin Manya:
Kawu bai amsa tambayar da aka yi ba, amma ya taɓo abin da zai iya rusa takardar. Layina na biyu ya ce sabon saƙo yana can ƙasa. Wannan gaskiya ne a zaure mai natsuwa. A zauren da aka zuba saƙo 100 tun safe, manhajar za ta buɗe mata ne a kan na farko cikin waɗanda ba ta gani ba, kuma sanarwar rasuwa na iya nutsewa tsakanin hotunan barka da Juma'a. Babu yadda za a rubuta matakin da zai warware wannan, sai dai a gyara zauren. Ni da za a bi tawa, a buɗe ƙaramin zaure na mutum bakwai ko takwas, 'ya'yanta da manyan jikoki, da sharaɗin cewa murya kawai ake turawa, kuma kowa ya fara da faɗin sunansa. Nan za ta koya. Babban zauren ya biyo baya idan hannunta ya faɗa.

Ɗan Autan Hajiya:
Malama, a nan ban yarda ba. Idan aka ware mata ƙaramin zaure, za ta gane an ware ta, kuma abin da aka ce ana gudu, wato ta zama ta ƙarshe da jin labari, shi zai ci gaba, domin sai wani ya tuna ya kwaso labarin ya kai mata. A bar ta a babban, a danna mata Mute notifications kan Always don kada wayar ta dame ta da ƙara. Kuma ai da sauƙi a san ko tana bi: idan maki biyun da ke jikin saƙo suka koma shuɗi, ta karanta ke nan.

Mai Gyaran Waya:
Batun maki ba haka yake a zaure ba. A hirar mutum biyu, maki ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka, biyu na nufin ya isa, shuɗi na nufin an buɗe. A zaure kuwa maki na biyu ba ya fitowa sai saƙon ya isa wayar kowa, kuma ba ya komawa shuɗi sai kowa ya buɗe. A zauren mutum 60, wayar mutum ɗaya da ta lalace ta isa ta bar saƙon a maki ɗaya har tsawon kwanaki. Mai son sanin ko Gwaggo ta ji saƙonsa sai ya danne saƙon, ya zaɓi Info, a nan zai ga sunayen waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka saurara. Saboda haka, Maman Sadiya, kada ki rubuta mata komai game da launin maki, don za ta zauna jiran shuɗin da ba zai zo ba. Alama ɗaya ce ta cancanci shiga takarda, ita ce ɗan agogon da ke tsayawa a jikin saƙo idan bai fita ba. Ki zana shi, ki rubuta “idan an ga wannan, saƙo bai tafi ba, a kira wance”.

Game da kashe ƙara, Ɗan Auta, idan aka kashe gaba ɗaya to ba abin da zai tuna mata ta duba. Idan za a yi haka sai a ɗaura dubawar da wani lokaci da ta riga ta saba, misali bayan sallar Azahar da bayan Isha'i, a rubuta shi a saman kwalin.

Baban Khalil:
Ku gafarce ni in kawo abin da ya faru a gidanmu, domin akwai layin da ban ga kowa ya ambata ba, kuma da ni ne zan rubuta shi da jan biro. Mahaifinmu ya iya sauraro da amsawa sarai. Wata rana wani ya kira shi, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce shi ne mai kula da zauren 'yan uwa, ana sabunta rajistar mambobi, an turo masa lambobi ta tes, ya karanto su. Baba ya karanto. Nan take aka fitar da shi daga WhatsApp ɗinsa, kuma kafin la'asar an aika wa mutanen zauren saƙo da sunansa cewa yana asibiti a taimaka da kuɗi. Wata ƙanwarmu ta tura kafin a farga. Wanda ya kira bai fasa komai ba, lambar Baba kawai ya sa a tasa wayar, manhajar ta aika lambobin tabbatarwa 6 zuwa layin Baba, shi kuma ya miƙa su da bakinsa. Ina zargin daga linkin zaurenmu aka samu lambar, domin an taɓa tura shi wani wuri, kuma duk wanda ya shiga zaure yana ganin lambobin kowa.

Mai Gyaran Waya:
Allah ya kiyaye gaba. Irin wannan yana zuwa shagona fiye da fashewar gilashi a wasu makonnin. Abubuwa biyu ne maganinsa, ɗaya a waya, ɗaya a takarda. A waya, ranar da kika yi rajista ki buɗe WhatsApp ki shiga Settings, Account, Two-step verification, ki sa lambar sirri mai lamba 6, ki haɗa da adireshin imel na wanda zai iya buɗe shi. Da wannan, ko an karɓi lambobin tes ba za a iya kammala rajista a wata wayar ba sai da lambar sirrin. Imel ɗin ba ado ba ne: idan aka manta lambar kuma babu imel, sai an jira kwana 7 kafin a iya sake saitawa. Shugaban zaure kuma ya danna Reset link don tsohon linkin da ya yi yawo ya mutu.

A takarda kuwa, layin ya zama marar togiya: “Duk wanda ya nemi a karanto masa lambobi daga waya, ko ya ce shi ɗan gida ne, kada a karanta. A kashe kiran, a kira wance.” Kada ki yi bayanin wace lamba ce mai haɗari da wadda ba ta da shi, domin ɗan damfara ya fi takardarki iya bayani.

Inda nake da shakka shi ne wanda zai riƙe lambar sirrin. Manhajar kan nemi a shigar da ita lokaci zuwa lokaci don kada a manta, kuma wannan akwatin zai fito wa Gwaggo wata rana ba tare da kina kusa ba. Idan kika rubuta lambar a kwalin, duk wanda ya shiga ɗakin ya gani, kuma mai kira zai iya sa ta karanto ita ma. Ni na fi karkata ga kada a ba ta, mutum biyu cikin 'ya'yanta su riƙe.

Malamar Ajin Manya:
A nan kam mun rabu. Wayarta ce, kuma macen da ta riƙe gida shekara 50 ba za a ce ba za ta iya riƙe lamba 6 ba. Idan ta gane akwai makullin wayarta da aka ɓoye mata, za ta ɗauki wayar a matsayin kayan aro, kuma ba a sakin jiki da kayan aro. A bar ta ta zaɓi lambar da za ta iya tunawa, wadda ba shekarar haihuwa ba ce, a gaya mata matsayinta ɗaya da lambar katin banki. Ba a rubuta ta a kwali ba, na yarda, amma a ɓoye mata ita ban yarda ba.

Baban Khalil:
Malama, Babanmu ma mutum ne mai kaifin tunani, ya yi aikin gwamnati shekaru da yawa, kuma ladabin mai kiran ne ya ci shi, ba mantuwa ba. Abin da bai sani ba, ba zai iya bayarwa ba. Mu dai yanzu yayanmu ne ke riƙe da lambar, kuma Baba da kansa ya ce hakan ya fi masa kwanciyar hankali. Wataƙila abin da ya dace shi ne a tambayi Gwaggon wanne take so.

Kawu Na Maraɗi:
To, tunda kun nace, ga abin da na sani. Yayata a nan ba ta karanta boko ko kaɗan, amma tana karanta ajami kamar ruwa, domin ta yi makarantar allo. Jikanta ya rubuta mata matakan da ajami a bayan kwalin kalanda, kuma ta bi. Kada ku ɗauka duk wanda bai iya boko ba jahili ne. Sannan idan za ku saka 'yan uwa na wannan ɓangaren a wayarta, ku adana lambar da +227 a gaba, na Najeriya kuma da +234 ba tare da sifirin farko ba, in ba haka ba sunan da kuka adana ba lallai ya fito a zauren ba, ita kuma ba za ta san mai magana ba.

Malamar Ajin Manya:
Kawu, wannan gudummawa ce babba, kuma ta tuna mini da wani abu. Sunayen da za a adana su zama waɗanda take kiran mutane da su, ba na takardar makaranta ba. Idan tana kiran ɗanta Babangida, kada a adana shi da Injiniya wane.

Saura gwaji, wanda shi ne ke nuna ko takarda ta yi. Bayan kin rubuta, Maman Sadiya, ki miƙa mata waya da kwali, ki sa wani ya turo saƙon murya, ki koma gefe ki zauna a kan hannuwanki. Kada ki yi magana, kada ki nuna, ko da kin ga yatsanta ya nufi inda bai kamata ba. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai ta dube ki, layin nan ne bai yi ba, sai ki sa masa alama ki sake rubuta shi. Yawanci za ki tarar kin tsallake abin da ke gare ki ba mataki ba ne, kamar buɗe makullin fuskar waya. Ki maimaita gwajin washegari da safe kafin ki yi mata wata bita, domin abin da ta yi jiya kina gefe yana iya zama tunin muryarki ne, ba karatun takarda ba. Kuma a samu wani yaro mai hankali a gidan ko maƙwabta a nuna masa kwalin, da sharaɗin idan ta kira shi ya nuna mata layin, kada ya karɓi wayar ya yi mata.

Mai Gyaran Waya:
A wajen gwajin ki sa ido a kan abubuwa uku da na fi gani a hannun dattawa. Na farko, saƙon murya na daƙiƙa ɗaya ko wanda bai tafi ba sam: yatsa ne ke ɗagawa ko ya zame hagu, zamewa hagu kuwa soke saƙon take yi. Lokacin hunturu abin ya fi yawa, domin busasshen yatsa ba ya kama gilashi sosai, kuma ɗan shafa mai kan taimaka. Idan riƙewar ta gagara, ki koya mata ɗora yatsa ta ja sama har alamar kwaɗo ta kulle, ta yi magana hannu sake, sannan ta taɓa kibiyar aikawa. Mataki ɗaya ya ƙaru, amma ga mai rawar hannu ya fi sauƙi. Ki zaɓi hanya ɗaya ki rubuta, kada ki sa duka biyun.

Na biyu, za ta ce muryar ta ɗauke kuma fuskar ta yi duhu. Ba lalacewa ba ce: idan aka kai wayar kusa da kunne, ko hannu ya rufe samanta, sautin yana komawa ƙaramar lasifikar kunne. Na uku, za ta ce mutane sun koma magana da sauri kamar ana korarsu. Ta taɓa alamar saurin sauraro ne, wadda ke juyawa tsakanin 1x, 1.5x da 2x, kuma tana zama a inda aka bar ta har sai an mayar. Waɗannan ba na kwalin Gwaggo ba ne, na takardar yaron da zai taimaka ne. A tasa takardar ki ƙara *323# na duba ragowar data a layukan Najeriya, ki kuma shiga Storage and data a Settings na WhatsApp ki hana bidiyo sauka da kansa, domin a zaure mai mutum 60 shi ne ke cinye data ya cika waya. Girman rubutu kuma yana Settings, Chats, Font size, ki sa Large.

Ɗan Autan Hajiya:
Ni har yanzu ina ganin ƙaramin zaure wariya ce. Amma na janye maganar maki.

Maman Sadiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Shafuka biyun sun koma kwali ɗaya mai fuska biyu, da wata 'yar takarda ta jikan maƙwabciyarta. Rajista da saituna zan yi su da kaina a can, kuma na riga na roƙi shugaban zaurenmu ya sauya linkin. Lambar sirri zan tambaye ta kamar yadda Baban Khalil ya ce. Batun zaure ƙarami ko babba kuwa yayyena sun rabu biyu a kai tun jiya, kuma wanda ya fi kowa tura hotunan barka da Juma'a shi ne ya fi adawa da ƙaramin. Malama, tambaya ɗaya ta rage mini: jan layin gargaɗin lambobi, a fuskar sauraro zan sa shi ko a ta amsawa, tunda kiran ɗan damfara ba ta cikin zauren zai zo ba?

Malamar Ajin Manya:
Kada ki sa shi a kwalin kaɗai, domin lokacin da kiran zai shigo kwalin yana iya kasancewa a wani ɗakin. Ki rubuta shi a 'yar ƙaramar takarda ki manna a bayan wayar da salatif, ko ki sa shi cikin rigar wayar idan mai nuna ciki ce, sannan ki maimaita shi a ƙasan fuskokin kwalin duka biyu.